Ƙarin aiki a kan kwangila: ta ina kuɗin ya fito?

"Malam, na karɓi kwangilar katanga mita 60, kowane bulo ₦1,100 har da kaya da aikin hannu. Na gama har na zuba kankaren saman, sai Alhaji ya ce a ƙara layi uku. Na ce ₦650,000, ya ce na tsuga. Ya zan gamsar da shi?"

To ɗan uwa, ka san Alhaji ya riga ya buga nasa lissafin a waya. Bulo ɗaya da simintin tsakani kusan santimita 46 ne, mita 60 kenan bulo 130 a layi, layi uku 390, ya ninka da ₦1,100 ya ga ₦429,000. Rigimarku a kan ₦221,000 ɗin da ya yi sama take, kuma tun da dunƙulallen kuɗi ka faɗa masa da baki dole ya ɗauka riba ce ka cusa.

Kar ma ka taɓa farashin bulo. Aiki iri ɗaya ne da na cikin takarda, bar shi a yadda kuka sa hannu, nan ne zai ga ba cutarsa kake son yi ba. In siminti ya tashi tun lokacin, buhu takwas ko makamancin haka wannan ginin zai ci, ka kawo tsohon rasit da sabo ka nemi bambancin kawai.

Sauran ka rubuta su daban, don babu su a kwangilar farko. Kankaren saman nan sai an fasa shi kafin a ɗora bulo, leburori nawa, kwana nawa, kwashe ɓaraguzai, sannan a sake zuba wani da kuɗin kafinta da katako da tsakuwa. Sai ginshiƙai, wanda masu gida yawanci sam ba sa tunawa da su. In duk mita uku ka sa ɗaya kana da wajen 21, kowane ginshiƙi da rodi huɗu, ƙarin tsayin kusan santimita 70 ne amma sabon rodi sai ya hau kan tsohon kamar rabin mita kafin a ɗaure, ka ga rodi mai mita 12 guda tara sun tafi, ban da ringi da waya. Kai shi gindin ginshiƙi ɗaya ya gani da idonsa, ya fi dogon bayani.

Ribarka kuma kason da ka sa a aikin farko shi za ka sa, kar ka ƙara don ka ga ya matsu. In ka tara ka ga ₦590,000 ya fito, to ka sauko, gaskiya ta fi.

Kuma don Allah kar ka ɗaga guduma sai ya sa hannu a takardar ƙarin aikin, da kwanan wata da ƙarin kwanakin aiki. In ya yi tafiya, ko saƙon WhatsApp ne ya rubuto "na amince da kuɗin", ka ajiye.