Dala Tana Tsaye, Sefa Tana Tashi

Tambaya: Malam, ina saro wake a Maradi ina kawowa Kano. A watan nan dala ba ta motsa ba a Wapa, amma sefa ta yi tsada. Me ya jawo haka, kuma mene ne EUR/USD da nake gani a waya?

Amsa: Alhaji, kuɗi ba shi da farashi sai an auna shi da wani kuɗin, shi ya sa ake rubuta su bibbiyu. Na farko shi ne hajar, kullum guda ɗaya, na biyu kuma shi ne abin da ake biya da shi. Idan ka ga EUR/USD 1.10, ana nufin yuro ɗaya ya kai dalar Amurka 1.10, kuma idan lambar ta hau, yuro ne ya ƙara daraja. Al'adar kasuwa ce ta sa yuro da fam suke gaban dala a rubutu, ita kuma dala take gaban naira, saboda haka hawan USD/NGN faɗuwar naira yake nunawa.

Abin da ya shafe ka shi ne, tun 1999 sefa tana ɗaure da yuro a kan farashi tsayayye, wato sefa 655.957 a yuro ɗaya, duk inda yuro ya nufa sai ta bi shi. Mu ƙaddara dala tana naira 1,500, EUR/USD kuma yana 1.10. Yuro ɗaya ya zama naira 1,650, idan aka raba da 655.957, jika ɗaya, wato sefa dubu, za ta kama kusan naira 2,515. To, a ce babban bankin Amurka ya rage kuɗin ruwa alhali na Turai bai rage ba, masu manyan jari suka karkata ga yuro har ya kai 1.15. Dala tana nan a 1,500, amma jika ta koma kusan naira 2,630. A waken sefa miliyan biyu, ƙarin ya kusa naira 230,000, ba tare da buhu ya ƙara ko sisi a Maradi ba.

Wannan lissafin ma'auni ne kawai, domin ɗan canji na bakin iyaka yana duba yawan masu neman sefa a ranar, kuma a lokacin kaka, da 'yan kasuwa suka yi cincirindo, yakan ɗora wani abu a kai. Yana kuma da farashi biyu, na saye da na sayarwa, ratar da ke tsakani ita ce ribarsa. A ganina kuskuren da ya fi cin mutane shi ne yin lissafi da farashin da yake saye, alhali kai da na sayarwa za ka karɓi sefa. Idan ka ga ratar ta buɗe fiye da yadda ka saba, kasuwar ba ta zauna ba, don haka kada ka yanka wa mai sayen wakenka farashi a naira sai sefar ta shiga hannunka.