Duba-gari za su zo gidan abincina, ta ina zan fara?

Tambaya: Malam, ina da ɗan gidan abinci a Kano, da ma'aikata biyar. An kawo mana takarda cewa duba-gari za su zo nan da mako biyu. Na riga na kira mai fenti. Me kuma ya rage?

Amsa: Hajiya, ki ce wa mai fentin ya dakata tukuna. Na yi shekaru ina aikin duba-gari, kuma in na shiga wuri na ji warin sabon fenti, abin da nake fara tambayar kaina shi ne me aka rufe. Kuɗin nan akwai inda ya fi buƙatarsa.

Fara da abin da ke cin lokaci, wato gwajin lafiyar ma'aikata. Gobe ki tura su biyar ɗin asibiti, ke ce ta shida, har da yaron da ke wanke-wanke, don shi aka fi mantawa. Akan duba bahaya da fitsari da majina da jini, ana neman irin su taifod da tarin fuka da ciwon hanta, kuma bisa ƙa'ida duk wata shida ake sabuntawa. Sakamakon yakan ɗauki kwanaki. Ki haɗa shi a fayil ɗaya da takardar izinin ƙaramar hukuma da shaidar feshin ƙwari. Feshin ma a yi shi a makon nan, ranar da ba a girki, an kwashe abinci da kwanuka.

Inda aka fi faɗuwa kuwa firji ne. Abinci dafaffe yana zama lafiya ne a sanyin da bai haura digiri 5 ba, ko a zafin da ya wuce digiri 60. Tsakanin nan ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, shi ya sa ba a barin sa a waje fiye da awa biyu.

Ga abin da na taɓa tararwa a wani gidan abinci. Sun sauke katuwar tukunyar miya da ƙarfe tara na dare, suka tura ta firji yadda take, da murfinta. Ƙarfe goma sha ɗaya aka ɗauke wuta. Da safe gefen tukunyar da sanyi, mai wurin har tana cewa in taɓa in ji. Da na tsoma ma'aunin zafi a tsakiya, sai ga ta da ɗumi kamar ruwan wankan jariri, ta fara ƴar kumfa a sama. Tukunya babba ba ta hucewa daga ciki da wuri, ga shi ta ɗumama duk abin da ke kusa da ita. Da sun raba miyar a faffaɗan robobi, zurfin bai wuce yatsu uku ba, suka jera su cikin ruwan sanyi kafin su sa a firji, da ta tsira. Sai da aka zubar da ita a gabana, kuma ban ji daɗin hakan ba.

Ki sayi ma'aunin nan, ki riƙa rubuta abin da ya nuna a cikin firji safe da yamma a littafi daga yau. Firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa huɗu bayan ɗauke wuta, firiza cikakkiya kuma kusan kwana biyu. Ɗanyen nama da kaza su zauna a can ƙasa, a rufe, kada jininsu ya ɗiga kan dafaffe. Shinkafar da ta kwana a waje kuwa a haƙura da ita, don gubar da ke fita a cikinta ɗumame ba ya kashe ta.

Daga nan sai sito. Mu da tocila muke shiga, mu ja buhu mu leƙa bayansa. Kashin ɓera ba ya ƙarya. Ki ɗora buhuna kan katako, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, kada su jingina da bango, a toshe ramuka da siminti. Ki duba kwanan wata a jikin gwangwanayen tumatir, wanda ya kumbura ko ya yi tsatsa ki fitar. Kwalbar fiya-fiya kuma kada ta kwana ɗaki ɗaya da abinci, ko da wasa.

Sauran ba su da wuya: kwatar bayan kicin a yashe ta, kwandon shara ya samu murfi, a ajiye bokiti mai famfo da sabulu na wanke hannu kaɗai, daban da na kwanuka. Mai gudawa ko gyambo a hannu ya zauna gida.

Ranar da suka zo, ki nemi ganin katin shaidarsu cikin ladabi, ki zagaya da su da kanki, da biro a hannu. In sun ga gyara, yawanci takardar gargaɗi suke bayarwa da wa'adi, sai su dawo. Ki tabbatar an rubuta miki abin da za a gyara da ranar dawowa, kuma duk kuɗin da aka ce ki biya, ki karɓi rasit na gwamnati.