Katina ya mutu, amma ana ci gaba da cirar mini kuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum. Katin bankina ya ƙare aiki a watan Maris, na je na karɓi sabo. Da tsohon katin nake biyan Naira 4,500 duk wata na wata manhajar karatu da na yi wa ɗana rajista, da kuma Naira 18,000 na sola da na karɓa bashi. Manhajar mun daina amfani da ita, ban kuma ba su lambar sabon katin ba, amma har yau suna cira. Su kuwa masu solar ba su ciri ko sisi ba tun Afrilu, sai ga shi a ƙarshen Yuni sun ce suna bina 54,000 da kuma tarar makara. Yaya aka yi haka, kuma dole ne in biya? Daga wani malamin makaranta a Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Abubuwan nan biyu da suka same ka tushensu ɗaya. Ranar da ka danna amincewa a cire maka kuɗi duk wata, alkawari ka ƙulla da kamfanin, kati kuwa hanyar biya ce kawai. Mai haya da ya yar da makullin ɗaki bai fita daga haya ba, mai gida zai ci gaba da lissafa masa wata har ranar da ya je ya yi sallama. Mutuwar kati ba ta sanar da kowa cewa ka janye.

Mu fara da manhajar, don ita ce ta fi ɗaure kai. Visa da Mastercard kowannensu yana da tsarin da ke miƙa bayanan sabon kati ga kamfanonin da ka riga ka ba izinin cira. Na Visa sunansa Visa Account Updater, na Mastercard kuma Automatic Billing Updater. Idan bankinka da kamfanin duk suna cikin tsarin, da zarar an ba ka sabon kati, sabuwar lamba da sabuwar ranar ƙarewa za su isa wurinsu ba tare da ka ɗaga yatsa ba. Wasu kamfanonin ma ba ainihin lambar katinka suke ajiyewa ba, wata lambar wakilci ce da aka ɗaure da katin, kuma ana iya mayar da ita kan sabon. An yi wannan ne don kada a yanke wa mutum abin da yake so saboda kati ya tsufa, kuma ga mai so alheri ne. Sai dai na'ura ba ta san yaro ya daina karatu a manhajar ba.

Akwai hanya ta biyu da ba ruwanta da kati sam. Idan a lokacin rajista lambar asusu ka bayar, ka amince a riƙa cira kai tsaye, to ko kati goma ka canza cirar za ta ci gaba, don asusun bai canza ba. Ka nemi takardar bayanan asusunka ta wata shida, ka duba layin da ke gaban kowace 4,500. Idan bayanin da ke wurin bai fito maka sarai ba, ka tambayi ma'aikacin banki tambaya ɗaya: wannan cirar ta kati ce, ko ta izinin da ke kan asusu?

Maganin wannan a wurin kamfanin yake farawa. Goge manhaja daga waya ba ya soke rajista, kuma nan ne mutane da yawa ke faɗawa. Idan ta Google Play ka yi rajistar, ka shiga Payments & subscriptions, sannan Subscriptions, ka danna Cancel subscription. Idan a shafinsu ka yi, can za ka koma. Ka ɗauki hoton allon da ke nuna an soke, ka ajiye saƙon da suka turo. Kuɗin watannin baya kana iya roƙon su mayar, amma kada ka sa rai sosai, don a takarda ba ka soke ba. Wanda suka cira bayan ranar sokewa kuwa haƙƙinka ne. Ka kai ƙorafi banki a rubuce tare da hoton, ka karɓi lambar ƙorafin. In an yi mako biyu ba su warware ba, sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya yana karɓar irin wannan ƙara.

Maganar sola ta fi nauyi, kuma ba zan ɓoye maka ba, bashin nan na gaske ne. A nan sabon katin bai isa wurinsu ba, na'urarsu ta yi ta ƙwanƙwasa tsohon ana dawo da ita. Kai kana ganin shiru, kila ma ka ɗauka sun manta, su kuwa littafinsu yana cewa Afrilu ba a biya ba, Mayu ba a biya ba, Yuni ba a biya ba. Sau uku 18,000 shi ne 54,000 ɗin da suka kira. Bambancin da manhajar shi ne ita kuɗin wata kake biya kafin ka more, in kuɗi bai shiga ba galibi rufe maka za su yi kawai. Sola kuwa tana kan rufin gidanka, ka riga ka karɓi kaya. Duk abin da aka ba ka tukuna kake biya daga baya, ko yarjejeniyar da ka sa hannu ta shekara guda, haka yake taruwa.

Tarar ce wurin da kake da bakin magana. Ka ɗauko takardar yarjejeniyar ka ga ko an rubuta tara, nawa ce, kuma a kan me ake lissafa ta. Misali in kashi 5 cikin ɗari ne sau ɗaya a kan kowane biyan da ya makara, 900 ke nan sau uku, 2,700. In suka kira abin da ya zarce abin da ke rubuce, ka nemi su ba ka lissafin dalla-dalla. Sannan ka nuna musu takardar asusunka cewa kuɗin yana ciki a ranakun da ya kamata su cira. A ganina kamfanin da ya yi wata uku bai buga maka waya ba shi ma yana da nasa sakacin, kuma wannan hujja ce mai kyau ta neman a yafe tarar. Amma uwar kuɗin ka biya, ko da kashi biyu ne, kuma a rubuta muku sabuwar yarjejeniyar.

Dalilin da ya sa nake matsa maka ka hanzarta shi ne bashin da aka bari ba ya tsayawa tsakaninka da mai shi. Masu ba da lamuni suna kai sunayen waɗanda suka gaza biya ga kamfanonin da ke ajiye tarihin bashi, irin su CRC da FirstCentral, kuma banki yana leƙa can kafin ya ba ka rance. Idan ma ta hannun banki aka ba da bashin, tun 2020 akwai tsarin GSI na Babban Banki, wanda ke bai wa mai bin bashi damar cira daga sauran asusunka da ke ɗaure da BVN ɗinka, muddin ka sa hannu a kan hakan lokacin karɓar rancen. Saboda haka kwashe albashi zuwa wani banki ba mafita ba ce.

Abu ɗaya ka kiyaye kafin ka ba masu solar lambar sabon katin: ka tambaye su nawa za su cira a karon farko. Na'urar tana iya kwashe duk abin da ya taru lokaci guda, har da tarar da kuke jayayya a kanta, ranar da albashi ya shigo. Gara ka biya bashin baya da turawa ta banki, ka karɓi rasit, sannan ka ɗaura katin don watannin gaba.