Lambar sansan tankin ruwa tana tsalle in an kunna samo, mene ne mafita?

Tambaya: Salam malam. Ina zaune a Bukuru, Jos. Na sa sansan auna ruwa a tankinmu na bayan gida, mai ba da bolt 0.5 zuwa 4.5 ne, yana auna tsayin ruwa har mita 5. Na ja waya mai uku kamar mita 80 zuwa Arduino Uno a ɗaki, a fayif ɗaya da wayar samo. A kan tebur lafiya lau yake, amma yanzu da an kunna samo ko an juya zuwa inbata sai lambar ta riƙa hawa da sauka. Wani ya ce in sayi kebul mai rigar ƙarfe. Zai yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kebul mai riga zai rage amma ba zai raba ka da matsalar ba, kar ka yi gaggawar kashe kuɗi tukuna.

Fara da lissafin sansanka. Bolt 4 ne aka shimfiɗa a kan santimita 500, kenan kowace santimita ɗaya ta ruwa milibolt 8 ce kacal. To in wayarka ta kwaso hayaniyar milibolt 200 a hanya, wanda ba wani abu ba ne ga mita 80 manne da wayar samo, Arduino zai gaya maka ruwa ya motsa da santimita 25 alhali ko ɗigo bai fita ba. Shi ba ruwansa, abin da ya iso ƙafar A0 shi yake aunawa, bai san wanne ne na sansa wanne ne na famfo ba.

Kafin komai ka tabbatar wayar ce mai laifi. Je gindin tanki ka cire sansan, ka sa ƙaramin batir na bolt 1.5 tsakanin wayar sigina da GND, sai a kunna samo. Batir dai ba ya tsalle, in lamba ta ci gaba da rawa to a hanya ake zuba mata. In kuma ta tsaya cak sai ka koma kan wutar da kake ba sansan.

Hayaniyar nan ta ƙofa biyu take shiga, shi ya sa maganin ma biyu ne kuma ba sa maye gurbin juna. Ta farko ta bolt ce, wayar da ke ɗauke da 230 tana kwance jikin taka sai ta riƙa ɗan yoyo cikinta, balle inbata da ke yanka wuta sau dubbai a daƙiƙa. Wannan ita riga take tarewa. Ta biyun ta maganaɗisu ce, duk lokacin da samo ya ja wuta mai yawa musamman wajen tashi, filin maganaɗisu yana ratsa ratar da ke tsakanin wayar siginarka da wayar GND, iya faɗin ratar iya yawan abin da zai shiga. Siririyar rigar alminiyam ba ta iya tare wannan a 50 Hz na wutar Nepa, ratsa ta yake ya wuce. Murɗa wayoyin biyu ne maganinsa, saboda kowane murɗi yana juya fuskar ratar, abin da wannan ya kwasa na gaba ya soke shi.

Amma ni in gidana ne ba zan ma tura bolt ɗin sansa tsawon mita 80 ba. Ka sa ƙaramin Arduino a akwati mai hana ruwa a gindin tanki, ya auna a can da gajeriyar waya, sannan ya turo maka lamba ta RS-485. Ƙananan allunan MAX485 guda biyu kake buƙata, ɗaya can ɗaya ɗaki. Shi RS-485 waya biyu yake amfani da su, A da B, in ɗaya ta yi sama ɗayar ta yi ƙasa, mai karɓa kuma bambancin da ke tsakaninsu kawai yake dubawa. Kamar mutum biyu ne a bayan akori-kura, in ta faɗa rami tare za su yi sama su dawo, amma wanda ya fi tsayi shi ne dai ya fi tsayi. Mai aikawa yana ba da bambancin aƙalla bolt 1.5, mai karɓa kuwa milibolt 200 ya ishe shi ya gane, kuma an tsara shi ya kai wajen mita 1200 in ba a matsa gudu ba. Ka sa gudun aika saƙon a 9600, tanki ba ya cika a daƙiƙa ɗaya.

Kebul ɗin intanet na Cat5e ya isa, amma a nan mutane suke ɓata aikin. Dole A da B su zama tagwaye ɗaya da aka murɗe tare, misali ruwan lemo da fari mai ratsin lemo. In ka ɗauki A daga ruwan lemo B daga kore to ka zubar da amfanin murɗin gaba ɗaya, kuma multimita ba zai nuna maka komai ba don wuta tana wucewa lafiya. Tagwayen shuɗi ka haɗe su su zama GND tsakanin allunan biyu, kar ka yarda da masu cewa waya biyu kawai ake buƙata, domin mai karɓa yana jure bolt ɗin A da B ne daga -7 zuwa +12 in aka auna su da GND ɗinsa, in ya wuce haka saƙo ya lalace ko MAX485 ɗin ya ƙone. Tagwayen kore su kai bolt 12, a can ka sauke shi zuwa 5. Kuma wajen saye ka kankare bakin wayar da wuƙa, in ka ga fari a ciki to CCA ne, alminiyam aka shafa wa jan ƙarfe, yana cin bolt a hanya kuma yana karyewa a bakin sukuru.

Tunda mai aikawa ɗaya ne, a allon tanki ka haɗa ƙafafun DE da RE zuwa 5V, a na ɗaki ka kai su GND, shi kenan babu wani juye-juye a cikin shirin. Sai resista mai om 120 tsakanin A da B a kowane ƙarshen layi. Yawancin allunan nan masu araha da ita suke zuwa, don haka kar ka ƙara wata sai ka auna: kashe wuta, sa multimita tsakanin A da B, ka ga kusan 60 daidai ne, 120 na nufin ɗaya babu ko waya ta katse, 40 kuma an sa uku.

In ka sayi mai riga, wato FTP, akwai wata tsirarar waya a ciki da ke manne da rigar. A ɗaki kawai za ka haɗa ta da at, wato wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa, can wajen tanki ka yanke ka naɗe da tef. In ka haɗa gefe biyu, at ɗin gida da na wajen bohol ba lallai su zo daidai ba, sai wuta ta riƙa bin rigar tana kawo irin hayaniyar da kake gudu. Riga da ba a haɗa ko'ina ba kuwa kwalliya ce kawai.

Fayif ɗin nan da kuka haɗa da wayar samo kuma a raba. Ja naka daban, tazarar ko santimita 30 ce tana taimakawa sosai, inda dole su haɗu su gitta juna a miƙe kar su yi tafiya tare. Sannan ka san yadda damina take a Jos da tsawa, ba sai ta faɗo kan gidanka ba, ta sauka kusa ma doguwar waya tana kwaso abin da zai kashe MAX485. Ka binne kebul ɗin cikin fayif maimakon rataya shi kan katanga, ka sa SM712, ƙaramin diyod mai tare tsallen bolt, a bakin A da B na kowane gefe, an yi shi ne daidai da iyakar -7 da +12 ɗin nan. Allunan kuma ka sayi huɗu, biyu su zauna a durowa.