Daidaita rubutun kalmomin Larabci a takardar fiƙihu

Tambaya: "Malamin da ke duba aikina ya ce ina rubuta kalma ɗaya iri uku. Yaya zan gyara?"

Ɗan'uwa, fara da duba tsarin rubuta Larabci da baƙaƙen boko da mujallar da za ka aika wa aikin take bi, na mujallar IJMES ko na ɗakunan karatu wato ALA-LC, ka tsaya a kansa. A ta'u marbuɗa aka fi cuɗa su: IJMES na rubuta ʿidda, ALA-LC kuwa ʻiddah. Idan kalmar ta jingina ga wata, dukansu suna maido da t: ʿiddat al-wafāt, ko da yake ALA-LC zai rufe da al-wafāh.

Kada ka bi kunnenka. Bakinmu na Hausa ya haɗe ث da س da ص a s, shi ya sa ake ganin mīrās inda ya kamata a ga mīrāth. Koma ga baƙin Larabcin kowace kalma.

Aini da hamza kuma, kada ka sa musu alamar da ke kan allon rubutu, Word yana juya ta. Sa alamun Unicode: a IJMES, U+02BF ga aini, U+02BE ga hamza; a ALA-LC kuwa, U+02BB ga aini, U+02BC ga hamza. Sannan ka jera kalmominka a shafi guda, ka nemo kowace da Ctrl+F, da ɗigo da babu ɗigo, har cikin bayanan ƙasan shafi.