Kwafo rubutu daga hoton allo kafin a fassara shi

Tambaya: Yaya, daga Damagaram nake, da Faransanci na yi karatu. Ina neman gurbi a jami'ar KNUST ta Kumasi, a Ghana. Wani ɗan'uwa a unguwar Aboabo ta Kumasi yana turo mini hotunan allon shafin rajista, duk da Turanci. Yaya zan yi in fahimta?

Amsa: Ƙanena, fara da gyara yadda hoton ke zuwa maka. WhatsApp na matse hoto, sai ƙananan haruffa su dusashe, manhajar da ke gane rubutu ta koma cinta. Ka ce masa ya ƙara girman shafin kafin ya ɗauka, sannan ya turo ta Document, ba ta Gallery ba. Kuma ya rufe lambar fasfo da lambar sirri, don hoton kan fita daga wayarka zuwa na'urorin kamfani.

Buɗe hoton da Google Lens, ka zaɓi rubutun, ka danna Copy. A iPhone, daga iOS 15, danne rubutun da yatsa a cikin Photos ya wadatar. Kada ka fassara nan take. Liƙa shi a wurin rubutu tukuna, ka gwada shi da hoton layi-layi.

Nan ne aikin yake. Shafin rajista ba wasiƙa ba ne, akwatuna ne da maɓallai, ita kuwa manhajar wani lokaci takan kwashe sunayen akwatunan gaba ɗaya, ta jera abin da aka cike a ƙasa, har ka rasa wanne ne na wanne. Maganinsa shi ne ka yanka hoton, akwati ɗaya ko biyu a lokaci guda. Sannan ƙanƙantar allo na karya jimla. A ce saƙon ya fito haka:

```
Your application has not
been submitted
```

Idan layi na biyu ya je wa Google Translate shi kaɗai, zai ce maka an miƙa, alhali saƙon cewa yake ba a miƙa takardarka ba. Goge karyar layin, jimlar ta haɗu, sannan ka fassara. A ganina ka fassara zuwa Faransanci da Hausa duka biyu. In sun saɓa, akwai matsala, ka tambayi mutum.

Lambobi kuwa kada ka bar wa manhaja. Takan rikita 0 da O, 1 da l, 5 da S, alamar sidi, kuɗin Ghana, wato ₵, kuma ta mai da ita C. Lambar rajista ko ta biyan kuɗi, ka duba hoton ka rubuta da hannunka. Lura da waƙafi ma: a Ghana 1,500.00 sidi dubu ɗaya da ɗari biyar ne, ba ɗaya da rabi ba kamar yadda ka saba karantawa a Nijar.

Sunan maɓalli irin su Save da Submit ka riƙe shi da Turancinsa, don shi za ka gani a allo. Na farko ajiyewa kawai yake yi, na biyun ne ke aika takardar ga makaranta.