Kayan Jariri: Gane Auduga, Wankin Farko da Haɗarin Kafur

Cikina wata takwas, kuma na fari ne. Duk shagon da na shiga a Kantin Kwari sai a ce mini kayansu auduga ce zalla. Yaya zan gane ta gaskiya? Mai jiran haihuwa, Kano.

Allah ya sauke ki lafiya, 'yata, kuma ki kwantar da hankalinki, domin abin ba shi da wuya. Kada ki dogara da rubutun da ke wuyan riga, saboda ana manna shi a jikin kayan da rabinsu roba ne. Idan yadi ne, ki roƙi ɗan ƙyalle, idan kuma ɗinkakkiyar riga ce, ki sayi guda ɗaya tukuna, ki zaro zaren yadinta daga gefen ciki, ba zaren da aka ɗinka ta da shi ba, ki kai shi ga ashana. Auduga tana ci da wuta da warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi wadda ke murjewa a yatsa. Roba kuwa tana tsukewa ta narke, ta bar baƙin ƙulli mai tauri. Idan kin ga toka da ƙulli tare, gauraye ne, kuma irin wannan ya fi dacewa da rigar sama a kan wadda za ta kwanta a fata.

Dalilin nacewa a kan auduga shi ne, fatar jariri ta fi tamu sirantaka, kuma jikinsa bai iya daidaita zafi ba tukuna. Auduga tana shan gumi ta bar iska ta shiga, roba tana riƙe shi a wuya da hammata da matsematsi, inda ƙurajen zafi suke fara fesowa, musamman a bazara. Ki juya rigar ki shafa ɗinkin ciki a kumatunki. Idan ya karce ki, ajiye shi. Ki guji leshi, da duwatsun ado da za su iya ɓallewa, da roba mai matse ƙugu wadda za ta goge cibiya kafin ta faɗi.

An kawo mini kayan barka masu tsada a cikin ledarsu. Idan na wanke kafin suna, ai za su zama kamar tsofaffi. Ba zan iya sa wa yarinyar haka nan ba? Maijego, Zariya.

A'a, ba za ki iya ba, kuma ina mamakin a auna fatar jaririyar kwana bakwai da ƙyallin riga. Ledar ba shaidar tsabta ba ce. Sabon yadi yana ɗauke da sitaci da ragowar rini da sinadaran da masaƙa ke sawa don kada ya yamutse ko ya yi fumfuna a hanya. Ki wanke, ki goge, babu baƙon da zai gane. Shadda da atamfa mai tauri kuma ki bar su ga manya.

Kakar yaro ta ba mu zannuwan goyo da shawul da ta adana a akwati shekara da shekaru. Suna da laushi, sai dai suna warin kafur sosai. Ina jin nauyin in ƙi su. Mahaifi, Maraɗi.

Malam, ka yi daidai da ka tambaya, domin wannan ita ce wasiƙar da ta fi damuna. Farin ƙwallon nan da ake sayarwa da sunan kafur ana jefawa a akwati don korar asu da kyankyasai, yawancinsa sinadarin naftalin ne. A ƙasashenmu akwai jarirai da yawa, musamman maza, da ake haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, kuma iyaye ba sa sanin haka sai an gwada. Idan irin wannan jariri ya shaƙi naftalin, ko ya shiga ta fatarsa, wadda galibi mun shafe ta da mai, sai jajayen ƙwayoyin jininsa su riƙa fashewa, shawara mai tsanani ta biyo baya. Shawarar da ta yi yawa ba a kula ba tana iya taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko naƙasa, wani lokaci ma ta yi ajalinsa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda muke kashe kuɗi mu sayo wannan haɗari da hannunmu, sannan mu ƙara da turara kayan jariri da turaren wuta da yayyafa musu humra, wai don ya yi ƙamshi idan 'yan barka sun ɗauke shi. Hayaƙi da turare suna sa shi tari da atishawa, suna kuma tayar masa da ƙuraje. Kayan jariri ba sa bukatar ƙamshin komai.

Wanki ɗaya ba ya fitar da naftalin, domin ba ya narkewa sosai a ruwa. A baza zannuwan a igiya, cikin rana da iska, kwanaki a jere, a wanke, a sake shanyawa, har sai an kai hanci ba a ji komai ba. Idan warin ya ƙi fita, kada su taɓa jaririn a watanninsa na farko, kuma a fitar da akwatin daga ɗakin da yake kwana. Ka je da kanka ka yi wa Hajiya bayani cikin ladabi. Babu kakar da za ta fifita zane a kan jikanta. Idan kuma kun ga idon jariri ko fatarsa sun yi ɗorawa, ko ya rage kama nono, ko barcinsa ya yi nauyi fiye da kima, ku tafi asibiti a ranar, kada ku tsaya shanya shi a hantsi ko ba shi jiƙo.

Kuɗina bai kai na sababbi ba, gwanjo na saya. Da me zan wanke? Uwargida, Jos.

Babu abin kunya a nan, 'yar'uwa, sau da yawa audugar gwanjo ta fi sabuwar roba. Ki ware farare daga masu launi, ki goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kan masu launin. Wanda ya zuba, ki wanke shi daban har ya daina. Ki jiƙa su a ruwan zafi kamar rabin sa'a, ki wanke da sabulu marar ƙamshi, sau biyu saboda warin maganin dila. Idan omo za ki sa, kaɗan ya isa, kuma ki bar bula da bilic. Ɗauraya ita ce aikin: ruwa uku, ko har sai kumfa da santsi sun ɓace, domin ragowar sabulu ke sa ƙaiƙayi.

Ki shanya a igiya, cikin rana, su bushe ƙarau. Kada ki baza a ƙasa, saboda akwai ƙudan da ke yin ƙwai a ƙasa da jiƙaƙƙen tufafi, tsutsarsa ta shiga fata ta zama kamar maruru. Guga mai zafi ciki da waje tana kashe ƙwan, don haka ki goge har nafkin da zanen goyo kafin ki ninke su a jakar asibiti.